Saita ƙararrawar shan magani a wayar mahaifi ko mahaifiya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu kula da iyaye tsofaffi a Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri da Njamena suke yawan yi idan likita ya rubuta wa tsoho magunguna da yawa a rana. Galibin wayoyin wannan yanki da Faransanci aka saita su, don haka mun rubuta sunayen maɓallai kamar yadda za ku gan su a fuskar waya. Sunan yakan ɗan bambanta tsakanin Tecno, Itel, Infinix da Samsung, amma aikin iri ɗaya ne.

Inna tana shan ƙwaya shida a rana. Ƙararrawa shida zan saita mata?

A'a. Lokuta za ku ƙirga, ba ƙwayoyi ba. Tsohuwar da wayarta ke kuka sau shida a rana, kafin mako ya zagayo ta koyi kashe ta ba tare da ta tashi daga tabarma ba. Tun ba ku taɓa wayar ba, ku ɗauki takardar likita da kwalayen maganin duka ku je wurin mai famasi ko ma'aikacin jinya, ku tambaye shi waɗanne ne za a iya haɗawa a lokaci guda, wanne ne sai da abinci, wanne ne sai ciki babu komai.

A ce Inna tana da hawan jini da ciwon sukari, ga kuma ƙwannafi. An rubuta mata omefurazol 20 mg sau ɗaya, amlodifin 5 mg sau ɗaya, gilibenkilamid 5 mg sau ɗaya, metfomin 500 mg sau biyu, da atobastatin 20 mg sau ɗaya. Magani biyar ke nan, ƙwaya shida. Omefurazol ya fi aiki idan an sha shi kamar rabin awa kafin karin kumallo, don haka shi kaɗai zai tsaya. Gilibenkilamid da metfomin tare da abinci ake shan su, amlodifin kuma bai damu da abinci ba, sai ya bi su da safe. Metfomin na biyu yana jiran abincin dare, atobastatin ya raka shi. Ƙwaya shida sun koma lokuta uku: ƙarfe 06:30, da 07:00, da 19:30.

Misali ne kawai wannan. Jadawalin mahaifiyarku daga takardarta zai fito. Idan kuka ga an rubuta 1-0-1 a gefen sunan magani, ana nufin ƙwaya ɗaya da safe, babu da rana, ɗaya da yamma. Akwai kuma magungunan da lokacinsu ba ya son canji: mai sa fitsari irin su furosemid da safe ake ba da shi, domin idan aka kai shi dare tsoho zai kwana yana fita bayi cikin duhu, a nan ne kuma ake faɗuwa.

Da me zan saita: agogon waya, kalanda, ko manhajar magani?

Da agogon da ya zo da wayar, wato Horloge. Kalanda sau ɗaya take yin ɗan ƙara ta yi shiru, kuma ƙarar sanarwa take bi, wadda ke mutuwa idan an sa waya a shiru. Ƙararrawar agogo tana da nata ma'aunin ƙara daban, tana kuka ko da wayar tana a shiru, tana kuma ci gaba na tsawon mintuna har sai an taɓa ta. Ba ta bukatar data, ba ta bukatar kuɗin kira, ko layi babu a wayar za ta yi aiki.

Manhajojin magani irin su Medisafe da MyTherapy suna da amfaninsu, suna ajiye tarihin abin da aka sha. Matsalarsu ita ce wayoyi masu araha suna rufe manhajojin da aka sauke domin tattalin batir, sai tunatarwa ta makara ko ta ƙi zuwa gaba ɗaya. Ga tsohon da ba ya karatun boko, agogo da akwatin magani sun fi su tabbas.

Yaya ake saita ta ta riƙa maimaita kanta kullum?

Ku buɗe Horloge, ku shiga Alarme, ku danna alamar +. Ku zaɓi lokaci. Kafin ku fita, ku nemi wurin ranaku, wanda a wasu wayoyi sunansa Répéter, a wasu kuma harufan ranaku ne a jere. Ku zaɓi duka bakwai, har sai an rubuta Tous les jours a ƙarƙashin lokacin. Nan ne aka fi yin kuskure. Ƙararrawar da ba a zaɓa mata ranaku ba sau ɗaya za ta yi kuka ta kashe kanta, kuma ba wanda zai lura sai bayan kwanaki. Wata wayar kuma tana ba da zaɓin Litinin zuwa Juma'a don masu zuwa aiki, sai Asabar da Lahadi su wuce babu tunatarwa.

Sannan ku rubuta mata suna a wurin Libellé ko Nom de l'alarme. Ku fara da lamba, sai sunan maganin kamar yadda yake a jikin kwali, domin duk wanda ke kusa ya iya gwadawa:

06:30 — 1 Oméprazole
07:00 — 2 Amlodipine Glibenclamide Metformine
19:30 — 3 Metformine Atorvastatine

Ku mayar da agogon wayar tsarin awa 24 a Paramètres, sashen Date et heure. Da tsarin awa 12 ne ake saita bakwai da rabi na safe a maimakon na dare. Idan kun gama, ku saita wata ta gwaji ta minti biyu masu zuwa, ku kulle wayar, ku ajiye ta inda take kwana, ku koma inda Inna take zama da rana ku ji ko ƙarar tana isowa. Bayan gwajin ku goge ta.

Baba ba ya karanta abin da ke fuskar waya. Yaya zai san wanne zai sha?

Kada ku bar wa waya wannan aikin. Aikin waya shi ne ta ce lokaci ya yi. Wanne za a sha, akwatin magani ne zai faɗa. Ana samun akwati mai gidaje na kwana bakwai a wasu famasi na manyan garuruwa. In ba a samu ba, ƙananan robobi masu murfi guda uku sun isa, kowace da launinta, a rubuta 1, 2, 3 da manyan lambobi a kan murfin. Tsofaffi da yawa da ba sa karanta boko suna gane lambobi saboda kuɗi da lambar waya. Wanda ya yi karatun allo, a rubuta masa da ajami a jikin robar.

Abin da ya fi taimakawa shi ne murya. Ku ɗauki muryar ɗansa ko jikarsa da manhajar ɗaukar sauti tana cewa, "Baba, lokacin magani ya yi, a buɗe jan murfi, a sha bayan an ci abinci." Da Hausa, ko Fulatanci, ko Larabcin Cadi, duk harshen da ake yi masa magana a gida. Sai ku shiga Sonnerie na wannan ƙararrawar ku zaɓi sautin daga cikin wayar. Kowane lokaci da muryarsa. Ku ajiye sautin a cikin wayar kanta, kada ku sa shi a katin memori, domin yara suna cire katin su sa waƙoƙi, kuma da zarar sautin ya ɓace wayar za ta koma kukan da ta zo da shi. Ku ɗauki muryar da ƙarfi, bakin mai magana kusa da waya, don sautin da aka ɗauka a gida yakan fi na kamfani rauni.

Idan kunne ya yi nauyi, ku kunna Vibreur, wayar ta zauna a aljihun gaba na riga ko a jakar wuya. Tsufa ya fi cin jin siririn sauti, saboda haka murya mai kauri ko kuka mai kauri ya fi saurin shiga kunnen tsoho.

Ƙararrawa ta yi kuka, ta kashe, amma ba ta sha ba. Ko kuma ta manta ta sha, ta sake sha. Me za a yi?

Wannan ita ce babbar matsalar, kuma babu saitin da ke magance ta shi kaɗai. Waya ba ta san ko ƙwaya ta shiga baki ba. Abin da ke nunawa shi ne gidan akwatin: idan babu komai a gidan safiyar Talata, an sha. Idan ƙwayoyin suna nan, ba a sha ba. Shi ya sa ba ma son a bar tsoho yana ɓallo ƙwaya daga manyan kwalaye da kansa. Kwali mai ƙwaya talatin ba ya nuna ko ta yau ta fita, kuma shan gilibenkilamid sau biyu yana iya faɗar da sukarin jini ƙasa sosai.

Mutum ɗaya ne zai riƙa cika akwatin, a rana ɗaya tsayayya, misali kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, takardar likita a gabansa. Wannan ma a saita masa ƙararrawa a wayarsa, ranar Juma'a kaɗai.

Zafin yankinmu ma yana da tasiri a nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a Garwa, Marwa da Njamena, alhali yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Kada ku ɓallo ƙwayoyin daga ledarsu. Ku yanka ledar da almakashi, kowace ƙwaya a rufe cikin gidanta, ku rage kaifin gefen, sannan ku sa a akwati. Ku tabbata tsohon yana iya ɓallowa da yatsunsa kuma yana gani sosai, domin an sha samun tsofaffin da suka haɗiye ƙwaya da ledarta. Idan ido ko hankali ya yi rauni, wani ne zai ɓallo ya miƙa masa. Kwalin asali kuma a ajiye shi, don sunan magani da ranar lalacewarsa suna jikinsa.

Sai ƙa'ida ɗaya da za ku koya wa Inna: ba a kashe ƙararrawa sai an haɗiye. Idan ta yi kuka tana salla ko abinci bai sauka ba, maɓallin jinkiri za ta danna, wanda ke dawo da kukan bayan mintuna kaɗan. Ku nuna mata da yatsa wane ne na jinkiri, wane ne na kashewa, ku maimaita tare. A saitin Horloge kuma ku duba abin da maɓallan ƙara na gefen waya suke yi yayin kuka. Idan kashewa suke yi, ku mayar da su jinkiri, domin hannun da ke laluben waya a aljihu su yake fara dannawa. Akwati da kofin ruwa su zauna wuri ɗaya da inda waya take kwana, inda jikoki ba sa kaiwa.

Ba gara a bi lokutan salla ba?

Ku jingina lokutan da salla, hakan yana taimakawa ƙwarai, domin tsoho ya fi riƙe "bayan Isha" a kan "ƙarfe bakwai da rabi". Amma ku bar ƙararrawar a lokaci tsayayye, kuma kada ta faɗa daidai lokacin da yake masallaci, inda zai kashe ta da sauri don kunya. Ku ba da kamar minti ashirin bayan dawowarsa. Faɗuwar rana a wannan yanki tana motsawa da kusan awa ɗaya tsakanin Nuwamba da Yuli, don haka ku waiwayi ƙararrawar dare duk bayan wata biyu ko uku.

Maganin da aka ce kowace awa takwas, kamar wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ba ya bin salla. Nasa 06:00, 14:00 da 22:00 ne, ko makamancin haka.

Jiya ba ta yi kuka ba sam. Me ya faru?

Ku fara da abu mafi sauƙi, wato caji. Yawancin manyan wayoyi ba sa kuka idan sun mutu ko an kashe su. Wasu ƙirar suna tashi da kansu su yi, amma kada ku dogara da hakan sai kun gwada da taku. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, a riƙa yi wa wayar caji kowace rana da ƙaramar sola ko batirin ajiya, kuma a guji kai ta shagon caji a lokacin da ƙararrawa za ta yi kuka.

In da caji, ku duba ƙarar. A Paramètres, sashen Son, akwai ma'auni daban na Alarme. Ƙara kukan kira ba ya ƙara shi. Ku duba Ne pas déranger ma, ku tabbata an bar ƙararrawa tana wucewa. Idan akwai abin saurare a jone, ko wayar tana haɗe da rediyon Bluetooth, a wasu wayoyin sautin can yake tafiya.

In duk wannan daidai ne, sai ku zargi tattalin batir. Yanayin tsananin tattali da manhajojin share waya suna rufe abin da ke aiki a ɓoye. Wanda ya danna Forcer l'arrêt a kan manhajar agogo kuma ya soke ƙararrawarta har sai an sake buɗe ta. Idan manhajar da aka sauke kuke amfani da ita, ku shiga bayananta, a Batterie ku cire mata takunkumi, ku ba ta izinin tashi da kanta idan wayar tana da wannan zaɓin, ku kunna mata Notifications da Alarmes et rappels. Sababbin wayoyin Android ba sa ba kowace manhaja waɗannan izini sai an ba ta da hannu. Haka kuma idan waya ta mutu ta sake tashi, wasu manhajojin ba sa aiki sai an buɗe makullin wayar sau ɗaya.

Na ƙarshe shi ne yara. Wayar kaka ita ce wayar wasan gida, kuma ɗan maɓallin da ke gefen kowace ƙararrawa taɓawa ɗaya ke kashe shi. Kowane dare ku duba ko alamar agogo tana saman fuskar wayar.

Ƙaramar waya mai maɓallai ce da shi. Za ta yi?

Za ta yi, sau da yawa ma ta fi. Batirinta yana kwanaki, ƙararta tana da ƙarfi, kuma da yawa daga cikinsu suna kuka ko a kashe suke muddin akwai caji. Yawanci tana ɗaukar ƙararrawa uku zuwa biyar, wanda ya isa jadawali irin na sama. A zaɓin maimaitawa ku ɗauki na kullum, ba Une fois ba. Rauninta ɗaya ne: idan ta faɗi batir ya fita, ko aka cire shi don caji, agogonta yakan koma baya, sai ƙararrawa ta yi kuka a lokacin da ba nata ba. Duk sanda batir ya fita a gyara lokaci, kuma a kunna karɓar lokaci daga layi idan wayar tana da shi.

Idan lokaci ya wuce ba a sha ba fa?

Kada a haɗa biyu don ramawa. Ga magani irin amlodifin, idan an tuna cikin yinin a sha, idan kuma lokacin na gaba ya kusa a bar wanda ya wuce. Na sukari sun fi bukatar kula. Metfomin da aka manta, a jira abinci na gaba a sha adadin da aka saba. Gilibenkilamid kuwa ba a shan sa a kan yunwa ko da ƙararrawa ta yi kuka, shi ya sa muryar da kuka ɗauka take cewa "bayan an ci abinci". Idan tsoho ya fara zufa, rawar jiki, yunwa mai tsanani ko ruɗewa, alamar faɗuwar sukari ce: a narka sukari mai ƙwaya guda uku a ruwa a ba shi idan yana iya haɗiya, a bi da abinci, sannan a kai shi asibiti, domin da wannan maganin sukarin yana iya sake faɗuwa bayan awanni. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. Ku tambayi likita ƙa'idar mantuwa ta kowane magani, ku rubuta a bayan takardar.

Azumi da tafiya fa?

Kada ku matsar da lokutan zuwa sahur da buɗa-baki da kanku. Mai ciwon sukari ya ga likita makonni kafin Ramadan, domin wani lokacin adadin ne ke canzawa, ko a canza maganin ma, ko a ce kada ya yi azumin. Idan sabon jadawali ya fito, ku kashe tsofaffin ƙararrawar ba tare da gogewa ba, ku ƙirƙiri sababbi, bayan Salla ku mayar.

Kamaru, Cadi da Najeriya agogonsu ɗaya ne, don haka tsallaka gada daga Kuseri zuwa Njamena ba ya canza komai. Saudiyya tana gaba da awa biyu. Ƙararrawa agogon wayar take bi, saboda haka idan wayar ta karɓi lokacin can za ta yi kuka da ƙarfe bakwai na Makka. Mai tafiya Hajji ko Umara ya faɗa wa likitansa kafin tashi.

Ina Duwala, ita tana Marwa. Zan iya saita mata daga nan?

Agogon wayarta ba a saita shi daga nesa. Sai wani na gida ya riƙe wayar, ku bi matakan tare ta kira, ya ɗauki hoton jerin ƙararrawar ya turo muku ku duba lokuta da ranaku. Ku kuma ku saita irin su a wayarku, kowace da jinkirin minti goma sha biyar, ku riƙa kira. Kada ku tambaya "Inna, kin sha?", domin amsar kullum "na sha" ce. Ku ce, "Inna, a duba gidan yau na safe, akwai abu a ciki?"

An ƙara magani, ko an canza. Me zan gyara?

Ranar da aka dawo daga asibiti a gyara abu uku tare: akwati, sunan ƙararrawa, da muryar da aka ɗauka. Maganin da aka dakatar a fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya.

Magani na ɗan lokaci ya samu tasa ƙararrawar daban, a goge ta idan ya ƙare. Maganin zazzaɓin cizon sauro na atemeta da lumefantirin sau shida ake shan sa cikin kwana uku, na biyu awa takwas bayan na farko, sauran safe da yamma, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Wanda ake sha sau ɗaya a mako kuma, kamar metotirezet na ciwon gaɓoɓi, rana ɗaya tak za ku zaɓa masa, ku sake dubawa da kyau, kuma kada ya shiga akwatin kullum. Shan sa kowace rana bisa kuskure yana kisa.

Tunatarwar sayen sabon magani ita ce inda kalanda take da amfani, a wayar mai kula. Ku yi lissafi da kwalin da zai fara ƙarewa. Kwalin metfomin mai ƙwaya 30, ana shan biyu a rana, kwana 15 zai yi, alhali na amlodifin mai 30 zai kai wata. Ku sa tunatarwar a kwana na 10, domin a samu kwana biyar na haɗa kuɗi da zagaya famasi idan na unguwa ba shi da shi.